Oda guda, shigarwa huɗu: yadda manhajar oda ke daidaita da littafin lissafi

Manhajar oda ta ce an biya 10,000, amma abin da ya faɗo banki 9,700 ne. Ina 300 ta shiga? Bari mu bi wannan odar daga farko.

Ƙa'idar ita ce, duk motsin kuɗi ana rubuta shi a gefe biyu: debit a hagu, kiredit a dama, kuma dole jimillarsu ta zo ɗaya. Kowane layi yana ɗauke da lambar odar.

Ranar da aka miƙa kaya, ciniki ya tabbata ko da kwastoma bai biya ba. Sai a yi wa asusun bashin kwastoma debit na 10,000, a yi wa asusun ciniki kiredit na 10,000.

Yanzu kwastoma ya biya da kati. A nan ake yawan kuskure, a rubuta kuɗin kai tsaye a asusun banki. Kuɗin bai iso banki ba tukuna, yana hannun kamfanin da ke karɓar muku kuɗi. Don haka a buɗe wa kamfanin asusunsa daban, a yi masa debit na 10,000, a yi wa bashin kwastoma kiredit na 10,000. Bashi ya koma sifiri.

Idan kamfanin ya turo kuɗin, layi uku za a rubuta: banki debit 9,700, cajin kamfani debit 300, asusun kamfanin kiredit 10,000. Ga 300 ɗin nan ta fito fili.

Sai kwastoma ya dawo da wani ɓangare na kayan, za a mayar masa da 4,000. Don Allah kada a koma kan tsohon layi a gyara adadi. Sabuwar shigarwa ake yi: debit 4,000 a asusun cinikin da aka dawo da shi, kiredit 4,000 a asusun kamfanin. Wannan asusun zai nuna kamfanin yana bin ku 4,000 har sai ya cire daga kuɗin da zai turo a gaba. Cajin 300 kuwa, ku duba yarjejeniyarku, domin kamfanoni da yawa ba sa mayar da shi.

Akwai matsalar da daidaituwar hagu da dama ba ta kamawa. Wani lokaci sanarwar biya daga kamfanin kan iso sau biyu, manhaja ta rubuta duka biyun. Jimilla za ta daidaita, amma bashin kwastoma zai nuna ku ake bi 10,000. Maganinsa, a adana lambar kowane biya, a hana ta shiga littafi sau biyu.

Kullum ku haɗa kuɗin odojin da aka miƙa ba a biya ba, ku kwatanta da ragowar asusun bashin kwastoma. Idan sun saɓa, ku tace layukan da lambar oda, wadda ta kauce za ta bayyana.