Wannan "cit" ɗin da ke hana ku barci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga Manchester. Ku ɗan yi shiru. Kun ji? "Cit!" Ga ta can manne da silin, ƙararrawar hayaƙi ce, tun daren jiya take wannan kukan. Bari in hau kujera in sauko da ita ku gani.

Kukanta iri biyu ne. Idan ta ɓarke da ihu babu ƙaƙƙautawa, tana nufin ta ji hayaƙi, sai a tashi a duba, in wuta ce kowa ya fita a kira 999. Amma "cit" guda ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, wannan kanta take kai ƙara, yawanci batir ne ya yi sanyi. Kuma ba aljanu ne suka sa take zaɓar ƙarfe ukun dare ba. A lokacin ne gida ya fi sanyi, batir mai rauni kuwa ƙarfinsa sauka yake yi cikin sanyi. Gari na wayewa, hita ta ɗumama gida, sai ta yi tsit, ka ɗauka ta warke. Da dare ta dawo.

To ga ta a hannuna. Wannan murɗa ta ake yi ta fita. Waɗansu haɗe suke da wutar gida, su sai ka kashe layinsu a akwatin wuta kafin ka taɓa, kuma su ma akwai batir na ko-ta-kwana a ciki, shi ne ke kukan. Ga batirin, mai kusurwa huɗu, bolt 9. Na sa sabo, na danne maɓallin TEST. Ku toshe kunne! Yauwa, tana aiki.

Kafin in mayar da ita, ku dubi waɗannan ramukan na gefe. A ciki akwai ɗan ɗaki mai duhu, da ƙaramar fitila, da wani ido da ke gefe inda hasken ba ya kai masa. Hayaƙi na shiga sai ya watsa hasken, idon ya gani, ihu ya tashi. To idon nan bai san bambancin hayaƙi da ƙura ba. Ƙura, saƙar gizo-gizo, ƙaramin ƙwaro, tururin wanka, duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya sa wani lokaci take ihu alhali ko ashana ba a ƙyasta ba. Maganinsa injin zuƙe ƙura, a sa masa bakin nan mai buroshi mai laushi, a zagaya ramukan a hankali. Ban da ruwa, ban da fesa turare ko maganin sauro.

Mu kuma muna da namu: turaren wuta. Uwargida ta ɗora kasko a falo, ko ana tuyar ƙosai mai ya ƙone, ƙararrawa ta ɗauka. Wannan kam ba ƙarya ta yi ba, hayaƙi ta ji. Na shiga gidajen 'yan uwa na ga an ɗaure mata leda, wasu ma sun cire batirin sun jefa a durowa. Don Allah a bari. A buɗe taga, a danna maɓallin da ke sa ta shiru na 'yan mintoci. Kicin kuma ƙararrawa mai jin zafin wuta ake sa masa, ba mai jin hayaƙi ba.

"Cit!" A'a, kun ji ta kuma? Da sabon batir! To bari mu juya bayanta. Ku matso, ga takardar: REPLACE BY 2023, wato a canza ta zuwa 2023. Shi ke nan, ta tsufa. Rayuwar waɗannan shekara 10 ce, bayan nan idon ya dushe, dattin da ya daskare a ciki ba ya fita, kuma da yawansu an yi su ne su riƙa wannan kukan in wa'adi ya cika. Ko ta yi ƙara da aka danna TEST, wannan bai nuna tana jin hayaƙi yadda ya kamata ba. Masu batir a rufe na shekara 10 ma haka ne, ba a ɓalle su, dungurungum ake canzawa.

Ni ɗan haya ne, kuma dokar Ingila ta ce mai gida ya sa aƙalla ɗaya a kowane hawa. Tun Oktoban 2022, in ka sanar da shi ta lalace, dole ya gyara ko ya canza. Don haka zan ɗauki hoton kwanan watan nan in tura masa a rubuce yanzu. Ita kuwa zan mayar da ita silin da kukanta, har sabuwa ta iso.