Noti huɗu da suka tsayar da jirage 171

Da yammacin ranar 5 ga Janairu 2024, wani jirgin kamfanin Alaska Airlines ƙirar Boeing 737-9 MAX ya tashi daga birnin Portland na Amurka, ɗauke da fasinjoji 171 da ma'aikata shida. Minti shida da tashi, yana cikin hawa, ya kusa kai ƙafa dubu goma sha biyar, sai aka ji wata irin ƙara. Wani sashe na jikin jirgin, ta gefen hagu a bayan fiffike, ya ɓalle ya yi gaba. Iska ta fizge wayoyin mutane, ta tuɓe wa wani yaro riga, ta bankaɗe ƙofar ɗakin matuƙa. Allah Ya sa kujeru biyun da ke dab da ramin babu kowa a kansu. Matuƙan suka juyo suka sauka lafiya, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Washegari, hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta fitar da takarda guda ɗaya. Kafin gari ya sake wayewa, jirage 171 masu irin wannan ƙira sun zauna a ƙasa. Jirgi ɗaya ne ya samu matsala, to me sauran 170 suka yi? Kuma jirgin da ake dubawa kullum, ta yaya irin wannan ya wuce idon injiniyoyi? Amsar tana cikin yadda ake tsara duban jirgi tun farko.

Jirgi ba a jiran ya lalace kafin a kai shi gareji. Da agogo uku ake auna shi. Akwai awowin da ya yi a sama. Akwai yawan tashi da sauka, domin kowane tashi ana cika cikinsa da iska ya kumbura kaɗan, a sauka ya saki. Ku ɗauki waya ta ƙarfe ku yi ta lanƙwasa ta kuna miƙewa, za ku ga inda take fara tsagewa. Haka ƙarfen jirgi yake gajiya. Sannan akwai kwanakin kalanda, saboda tsatsa ba ruwanta da ko jirgi ya tashi ko yana ajiye. Kowane aiki an ɗaure shi da ɗaya daga cikin agogunan nan, wani lokaci biyu, kuma wanda ya riga cika shi ake bi.

Mafi sauƙi shi ne zagayen da ake yi kafin kowane tashi: a duba tayoyi da birki, a leƙa bakin inji, a ga ko mai na ɗiga. Sai duban A, da ake yi bayan ɗaruruwan awowi, sau da yawa cikin dare ɗaya: a canza matatai, a sa giris, a gwada kayan gaggawa, da asuba jirgi ya koma aiki. Duban C shi ne babba, yakan zo ne wajen bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye, gwargwadon ƙirar jirgin. A nan jirgi zai kwana makonni a rumfar gyara, a buɗe murafe da yawa a jikinsa. Duban D kuwa, bayan shekara shida zuwa goma, kusan tsirara ake yi wa jirgin. A fitar da kujeru, da banɗakuna, da ɗakin girki, da allunan bango da na ƙasa, har ƙarfen ya fito fili. Injiniya zai kwanta da tocila da ɗan madubi yana bin layin ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, inda ido ba ya gani kuma a bi da na'urar da ke gano tsaga a cikin ƙarfe. Ƙarƙashin banɗaki da ɗakin girki nan ake yawan cin karo da tsatsa, saboda ruwan da ke tsiyaya shekara da shekaru.

Kowane aiki yana da katinsa. Wanda ya yi zai sa hannu, idan aikin ya shafi abin da ke sarrafa jirgi ne kuma, wani daban ya zo ya sake dubawa ya sa nasa hannun. Ku riƙe maganar katin nan, za mu dawo kanta.

Abin lura shi ne, duk wannan jadawalin an gina shi ne kan abin da aka riga aka sani. Masu ƙera jirgi da kamfanonin sufuri da hukumomi suna zama su yi lissafi: wannan sashen yaushe zai fara ci, yaushe tsaga za ta iya bayyana, tazara nawa za a bari tsakanin dubawa biyu yadda za a cim mata tun tana ƙarama. Lissafin yana ɗauka cewa jirgin ya fito daga masana'anta daidai da zanensa. Jirgin Portland kuwa a ƙarshen Oktoba 2023 aka miƙa shi ga kamfanin. Wata biyu da 'yan kwanaki, tashi da sauka 154 kacal. Ko kusa bai kai lokacin da za a cire allon bangonsa ba.

To mene ne ya ɓalle? A jikin wannan ƙirar akwai gurbin ƙofar gaggawa a kowane gefe, bayan fiffike. Kamfanin da ya cika jirginsa da kujeru dole ya sa ƙofa ta gaske a wurin. Wanda kujerunsa ba su kai yawan ba, sai a toshe masa gurbin da murfi. Daga ciki fasinja taga kawai yake gani, bai ma san akwai wani abu a bayan allon ba.

Yadda murfin ke zama yana da hikima. A gefunansa akwai 'yan kunnuwa goma sha biyu, shida a kowane gefe, suna zaune a bayan wasu kunnuwan na jikin jirgin. Idan jirgi ya yi sama, iskar ciki tana tura bango waje da ƙarfin da ya haura tan biyar a kan kowace murabba'in mita, kuma kunnuwan nan ne ke ɗaukar nauyin. Murfin ba zai fita ba sai ya ɗan zame sama, kunnuwan sun kauce wa juna. Abin da ke hana shi zamewa saman shi ne noti huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ba su ne ke ɗaukar nauyi ba, sakata ce kawai.

Da aka tsinto murfin a bayan gidan wani malamin makaranta a Portland, masu bincike na NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, suka duba ramukan notin. Da a ce notin suna nan lokacin da murfin ya fita, da sun yage ramukan sun bar tabo. Ramukan lafiya lau suke. Wato notin ba sa nan tun farko. Aka bi sawu har masana'antar Boeing da ke Renton, inda a watan Satumba 2023 aka buɗe murfin domin gyara wasu ƙusoshi biyar da suka lalace a kusa da shi. An rufe murfin, ba a mayar da notin ba. Kuma ba a buɗe takardar da ke nuna an cire shi ba. Da babu takarda, babu wanda aka aika ya sake dubawa. Wannan shi ne wurin da ya fi damuna a labarin nan gaba ɗaya: tsarin da aka gina kan sa hannu makaho ne ga aikin da ba a rubuta ba. Murfin ya yi ta zamewa a hankali, tashi bayan tashi, har ranar da kunnuwan suka rabu.

Amma a ranar 6 ga Janairu FAA ba ta san wannan duka ba. Abin da ta sani shi ne murfi ya fita daga sabon jirgi, kuma akwai wasu jirage da irin murfin, da suka fito daga masana'anta ɗaya. A dokar Amurka, abu biyu ake buƙata kafin a fitar da umarnin lafiyar jirgi, wanda ma'aikata ke kira AD: akwai yanayi mai haɗari a jikin wani jirgi, kuma akwai yiwuwar yana nan ko zai bayyana a sauran masu irin ƙirarsa. Sharaɗi na biyun ne ya kamo sauran 170 ɗin. Zane ɗaya, layin ƙira ɗaya, hannaye kusan ɗaya. Idan tuwo ya yi gauɗa a malmala ɗaya, tukunyar ake tuhuma.

Irin wannan umarni ba shawara ba ne. Kamfanin da ya ƙera jirgi yakan aika wa masu amfani da shi takardun shawarar gyara, amma da zarar hukuma ta mayar da abu AD, ya zama doka. Jirgin da bai cika shi ba, ko injinsa na waƙa, bai halatta ya ɗauki fasinja ba. Kuma yawancin irin waɗannan umarni ba sa tsayar da kowa. Ana fitar da su da yawa kowace shekara, suna cewa a duba kaza cikin awa kaza, ko a canza kaza cikin wata kaza, kamfani ya haɗa aikin da duban A ko C mai zuwa, fasinja bai ma ji labari ba. Abin da ke bambanta su shi ne wa'adi. Na gaggawar da FAA ta fitar ranar 6 ga Janairu, mai lamba 2024-02-51, wa'adinsa shi ne kafin jirgin ya sake tashi. Wannan jimlar ce ke tsayar da jirage.

Ba kowane 737-9 ya shafa ba. Masu ƙofa ta gaske a gurbin ba sa ciki. Wannan ya sa nauyin ya faɗa kan kamfanin United mai jirage 79 da Alaska mai 65, sai wasu kamar Copa ta Panama da Aeromexico. Yadda abin ke tsallaka iyaka kuwa, ƙasar da aka zana jirgi a cikinta ita ke sanar da ƙasashen da aka yi wa jirgin rajista, su kuma su ɗora wa kamfanoninsu. Ta wannan hanyar ce umarnin da ya shafi wani Boeing mai rajistar Najeriya ke isowa ta hannun NCAA, hukumar kula da sufurin sama ta Najeriya.

Da farko FAA ta ce duba kowane jirgi zai ɗauki awa huɗu zuwa takwas. Amma sai da aka shafe kusan mako uku. Dalili shi ne umarnin ya ce a duba ta hanyar da hukumar ta amince da ita, kuma hanyar ba ta kammala ba tukuna. Ana cikin haka, United da Alaska suka buɗe wasu jiragensu suka tarar da noti da ba su ɗauru yadda ya kamata ba. FAA ta ce sai an fara duba jirage 40 ta ga sakamako. Ranar 24 ga Janairu ta amince da hanyar: a cire kujerun wurin da allon bango, a duba murafen biyu da hanyoyin da suke bi, a tabbatar kowane noti na nan, a sake ɗaure su da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a gyara duk abin da aka gani. A wannan ranar ce kuma ta hana Boeing ƙara yawan jiragen MAX da yake ƙerawa a wata. Ranar 26 ga wata jirgin Alaska na farko ya sake tashi da fasinja, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai bayan an sa hannu a katinsa.