Kafin ka fara aikin, faɗi abin da ka fahimta da bakinka

Mu ɗauka cewa shugabar sashenku ta tsaya a bakin teburinka tana sauri, ta ajiye maka wani rahoto mai shafi 24, ta ce, “Ka gyara mini wannan kafin taro,” sannan ta juya za ta wuce. Ka ji kowace kalma da ta furta, amma idan ka natsu za ka ga cewa ba ka san aikin da aka ba ka ba tukuna. Kalmar gyara tana iya nufin ka cire kurakuran rubutu, tana iya nufin ka rage tsawon rahoton, tana kuma iya nufin ka bi alƙaluman da ke ciki ka tabbatar sun yi daidai. Na farko aikin awa ɗaya ne, na ƙarshe kuwa zai iya cinye maka kwana biyu. Shi kansa taron ba a faɗi ko wanne ba ne, domin akwai na gobe da safe, akwai kuma na shugabannin sassa ranar Alhamis.

Ita shugabar ba ta ga wani ruɗani a maganarta ba, kuma ba laifinta ba ne. Ta kwana da rahoton a ranta, ta san abin da ke damunta game da shi, saboda haka a wurinta kalmar gyara ma'ana ɗaya tak gare ta. Kai ne kaɗai kake ganin hanyoyi uku, don haka kai ne ya kamata ka buɗe baki kafin ta bar wurin.

Mutane da yawa a nan sukan ce, “To, zan gyara shi kafin taro.” Wannan maimaitawa ce, amma ba ta gwada komai ba sai kunne. Maimaita magana kalma da kalma tana da muhallinta: matuƙin jirgin sama yana maimaita wa mai kula da zirga-zirgar jirage tsayin da aka ce ya hau da lambar titin da zai sauka a kai, domin umarnin a fayyace yake, abin tsoron kawai shi ne a ji wata lamba a maimakon wata. Buƙatar da ba ta fito fili ba daban take. Idan ka mayar wa mai ita da kalmominta, ruɗanin yana nan a cikinsu yadda yake, za ta ji abin da take nufi, kai kuma kana nufin naka, ku rabu kowa yana zaton an fahimci juna.

Wasu kuma sukan tambaya, “Wane irin gyara kike so?” Wannan ya fi shiru, sai dai ya mayar mata da dukan nauyin tunanin a lokacin da take sauri, kuma amsar da aka fi samu ita ce, “Ka dai duba, ka san abin da ya dace.”

Abin da ya fi aiki shi ne ka zaɓi fassara ɗaya, wadda ka fi zaton ita ce, ka faɗe ta dalla-dalla yadda idan kuskure ce za a gane nan take. Sai ka ce, “Ranki ya daɗe, bari in faɗi yadda na fahimta. Zan bi rahoton in gyara kurakuran rubutu da jeren kanun labarai, ba zan taɓa alƙaluman ba, ba kuma zan rage tsawonsa ba, sannan in turo miki da yammacin yau saboda taron gobe. Haka ne?” Wannan maganar ba ta kai rabin minti ba, amma ta ƙunshi abin da za ka miƙa, da lokacin da za ka miƙa shi, da taron da ake yi dominsa.

Ku lura musamman da wurin da ya ce ba zan taɓa alƙaluman ba, ba kuma zan rage tsawonsa ba. A ganina wannan ne sashen da ya fi kowanne amfani, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Mutum yana iya jin jerin abubuwan da za ka yi ya gyaɗa kai, domin duk cikinsu babu wanda yake ƙi. Amma da zarar ya ji an ce ba za a yi abin da ya zo dominsa ba, sai ya tsaya cak. A misalinmu, shugabar ta juyo ta ce, “A'a, tsawon ne matsalar. Shugabannin sassa ba za su karanta shafi 24 ba. Ina son a taƙaita shi zuwa shafi biyu, kuma na ranar Alhamis ne.” Fassararka ta kasance kuskure, kuma babu asara a cikin hakan, domin an gano kuskuren a cikin daƙiƙa talatin maimakon a gano shi bayan ka ɓata awa guda kana farautar waƙafi da aya a shafukan da za a zubar.

Bayan an gyara maka, kada ka ɗauka an gama, domin sabon bayanin ma yana da nasa gurbin. Ka sake maimaitawa a taƙaice: “Wato shafi biyu, sakamakon aikin da shawarwari kawai, ba tare da bayanin yadda aka tattara bayanan ba, in kawo miki ranar Laraba da rana domin ki samu lokacin dubawa.” Idan ta amince, ka koma teburinka ka tura mata wannan jimlar a rubuce, saboda nan da kwana biyu kowannenku zai tuna maganar yadda ta fi masa sauƙi.

Akwai wata “eh” da bai kamata ka dogara da ita ba. Idan amsar ta zo tun kafin ka ƙarasa jimlarka, ko mai maganar yana kallon wayarsa, ko ya sake maimaita kalmarsa ta farko ya ce, “Eh, ka dai gyara shi,” to bai auna fassararka ba, sallamarka kawai ya yi. A irin wannan hali ka rage tambayar zuwa zaɓi biyu da ba za a iya amsa su da eh ba: “In taƙaita shi ne, ko in bar tsawonsa in gyara rubutun?” Wani lokaci kuma za ka tarar cewa shi ma mai buƙatar bai yanke shawara ba, ya dai san cewa rahoton bai yi masa ba. A nan maimaitawa ba za ta fito da amsar da babu ita ba. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki shafi biyu na farko ka yi musu gyaran da kake zato, ka nuna masa, domin mutum ya fi saurin gane abin da yake so idan ya gan shi a gabansa.

Ba kowace buƙata ce ke neman wannan ba. Idan an ce ka buga kwafi goma na wata takarda, ka buga kawai. Ma'aunin da za ka yi amfani da shi shi ne ka tambayi kanka ko mutum biyu masu hankali za su iya jin wannan maganar su yi ayyuka biyu daban, sannan ka ƙiyasta awa nawa za ka yi asara idan ka bi hanyar da ba ita ba. Idan amsar farko eh ce, asarar kuma ta wuce 'yan mintuna, to ka tsayar da mai buƙatar tun bai bar wurin ba, ka ce masa bari ka faɗi yadda ka fahimta.