Rufe Kamfani: Wa Ake Fara Biya Kafin Masu Hannun Jari Su Ɗauki Nasu?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an sa wa masana'anta kwaɗo an sallami ma'aikata, to kasuwanci ya ƙare. A dokar Najeriya kuwa, kamfanin da aka yi wa rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, yana nan da ransa har sai an rushe shi a hukumance, kuma duk shekarar da ta wuce ba a miƙa bayanan shekara ba, tara ce take taruwa a kansa.

Mu ɗauki misalin wani ƙaramin kamfanin ruwan leda a Kano, wanda mutum biyu suka mallaka, ɗaya yana da kashi 60 ɗaya kuma kashi 40. Tsadar man janareta ta cinye ribar, sai suka yanke shawarar rufewa tun suna iya biyan abin da ake bin su. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta tanadi hanya ga irin wannan hali. Daraktoci za su yi rantsuwa a rubuce cewa sun binciki littattafan kamfanin, kuma zai iya biyan dukkan basussukansa cikin wata 12. Daga nan masu hannun jari za su zartar da ƙuduri na musamman, wanda yake buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, sannan su naɗa jami'in da zai tattara kadarori ya sayar ya biya bashi. Wannan rantsuwa ba ta cika takarda ba ce kawai, domin daraktan da ya yi ta alhali ba shi da hujja yana iya fuskantar hukunci.

A misalinmu, an sayar da injin ɗura ruwa da janareta da motar rabon kaya, an kuma bi masu shagunan da suka karɓi ruwa bashi, aka haɗa naira miliyan 18. Bankin da aka jinginar wa injin shi ne yake fara ɗaukar miliyan 6 ɗinsa daga kuɗin injin. Sai kuɗin aikin rushewar, miliyan 1. Bayan nan sai waɗanda doka ta fifita, wato albashin ma'aikata da kuɗin fanshonsu na miliyan 1.5, da harajin miliyan 2. Mai kawo leda da mai kawo man dizal, waɗanda ba su riƙe jinginar komai ba, suna bin miliyan 4, kuma sai yanzu layi ya zo kansu. Abin da ya rage, miliyan 3.5, shi kaɗai ne haƙƙin masu kamfanin: babban ya ɗauki miliyan 2.1, ƙaramin miliyan 1.4.

Da a ce miliyan 12.5 kawai aka samu, da miliyan 2 ce za ta rage wa masu bin miliyan 4, kowannensu ya sami kwabo 50 a kan kowace naira, masu kamfanin kuma su tashi hannu rabbana. A irin wannan hali dole ne a kira taron masu bin bashi. A nan ne kuma zumunci yake jefa mutane cikin matsala, inda darakta zai lallaɓa ya biya surukinsa tsaf, ko ya sayar wa ƙaninsa motar a kan rabin farashi, saura su kwana da hasara. Kotu tana iya soke irin wannan biya da irin wannan ciniki, kuma ko ba don kotu ba, haƙƙin mutane ne. Saboda haka a sa masani ya kimanta kowace kadara kafin a sayar, a karɓi kuɗin ta asusun kamfani, a adana rasit.

Game da haraji, bayanin harajin ƙarshe da kamfani zai miƙa yana ɗauke da lissafi tun daga farkon shekarar kuɗi zuwa ranar da aka daina aiki, kuma hukumar tara haraji ta tarayya ake miƙa wa shi tare da duk na shekarun baya da aka tsallake. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne cinikin kadarori. Idan an sayi mota miliyan 8, rangwamen da aka riƙa cirewa saboda tsufanta ya mayar da ƙimarta miliyan 2 a lissafin haraji, sannan aka sayar da ita miliyan 5, to wannan ƙarin miliyan 3 dole ne a bayyana shi. Harajin da aka cire daga albashin ma'aikata kuwa na hukumar harajin jiha ne, ba a haɗa shi da na tarayya.

Idan an gama biya, jami'in zai kira taron ƙarshe ya gabatar da cikakken lissafi, ya aika wa CAC, kuma wata 3 bayan an yi wa lissafin rajista ake ɗaukar kamfanin a matsayin rusasshe. Asusun banki shi ne abu na ƙarshe da za a rufe, domin ta cikinsa ne za a biya mai bin bashi na ƙarshe.