Sharhi: Tsara maƙala kan tattalin arzikin zamanin mulkin mallaka bisa jigo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau na ɗalibai ne da malamansu, da duk wanda aka ɗora wa rubuta maƙala kan yadda mulkin mallaka ya sauya tattalin arzikin wata ƙasa.

Yawancin masu irin wannan rubutu shekaru suke bi. A shekara kaza Turawa suka zo, a shekara kaza suka kafa doka, a shekara kaza suka shimfiɗa dogo, haka dai har ranar samun 'yancin kai. Rubutun yakan fito da tsabta, kuma da wuya a kama shi da ƙarya. Illarsa ita ce tambayar da aka yi ba "me ya faru" ba ce. An ce ne a bayyana yadda abu ya sauya, kuma sauyin tattalin arziki ba ya bin kalanda. Haraji yana tafiya da saurinsa, ciniki da nasa, aikin ƙwadago da nasa. Wanda ya bi shekaru dole ya taɓo haraji a shafi na biyu, ya sake shi, ya koma kansa a shafi na biyar, sannan a shafi na takwas. Kafin mai karatu ya haɗa waɗannan gutsattsarin ya gane abin da harajin ya yi wa manomi, ya riga ya gaji.

Shi ya sa ake ba da shawarar tsarawa bisa jigo. To amma a nan ma akwai rami, kuma a ganina ya fi na farkon zurfi. Ɗalibi zai rubuta kanun magana huɗu: noma, ciniki, sufuri, haraji. Sai ya zuba duk abin da ya sani a ƙarƙashin kowanne. Wannan ba jigo ba ne, rumbu ne kawai aka yi wa suna. Jigo na gaskiya magana ce da za a iya musantawa, wadda ke nuna wani abu ya haifar da wani. "Haraji" suna ne. "Tilasta biyan haraji da kuɗin Turawa ya sa manomi neman amfanin gonar da zai sayar" jigo ne, domin wani na iya cewa ba haka ba ne, kai kuma ka kawo hujja.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. A ce tambayar ta shafi ƙasar Kano, daga 1903 da sojojin Birtaniya suka ci birnin, zuwa 1960. A ce kuma an ba ka kalmomi 2000.

Abu na farko, ware kalmomi kamar 250 ka faɗi yadda abubuwa suke kafin zuwan Turawa, domin ba a auna sauyi sai an san mafari. Kano tana da saƙa da rini da jima, tufafinta suna kaiwa nesa. Ayarin fatake na zuwa Gwanja su ɗauko goro, wasu kuma na ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Ana ciniki da kuɗin wuri. Akwai haraji tun da can: kuɗin ƙasa, zakka, jangali, kuɗin karofi. Akwai kuma aikin bayi a rinji da gandu. Wanda ya tsallake wannan sashe zai wayi gari yana rubuta cewa Turawa ne suka kawo haraji da kasuwanci, alhali sun tarar da su ne suka karkata su.

A ƙarshen wannan sashen ka sa jerin lokaci gajere, jimla uku ko huɗu: cin Kano a 1903, isowar dogo a 1911, faɗuwar farashi ta duniya daga 1929, Yaƙin Duniya na Biyu, kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949. Mai karatu zai riƙe waɗannan a matsayin turaku, duk inda ka kai shi ya san inda yake.

Sai jigogi uku, kowanne kalmomi kamar 450. Jigo na farko: gwamnatin mallaka ta haɗe harajoji iri-iri, ta kuma riƙa matsawa a biya da kuɗinta, har wuri ya daina amfani. Talakan da a da zai iya biya da hatsi ko da wuri, yanzu dole ya samo sulalla, kuma a lokacin da aka ƙayyade. Jigo na biyu: dogo ya juya fuskar ciniki daga arewa zuwa teku. Kaya mai nauyi da araha irin gyaɗa, wanda kuɗin dakonsa a bayan jaki ko raƙumi zai cinye ribarsa, ya zama abin da za a kai Legas a ci riba. Jigo na uku: wa ke yanka farashi? Da fari kamfanonin Turawa ne ta hannun dillalansu, ciki har da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. A 1929 manyan kamfanoni suka haɗe suka zama United Africa Company, gasar masu saye ta ragu. Daga lokacin yaƙi kuma gwamnati ta karɓe sayen, ta riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya tana tara rarar.

Ku lura da jerin nan, masu sauraro, don a nan aikin yake. Na farko ya bayyana abin da ya sa manomi ke buƙatar kuɗi. Na biyu ya bayyana abin da ya sa gyaɗa ta zama hanyar samunsu. Na uku ya bayyana inda ribar ta tafi. Kowanne ya jingina da na gabansa. Ga kuma gwaji mai sauƙi: ka musanya sassan, ka kai na uku gaba, na farko baya. Idan maƙalar ta karantu kamar ba a taɓa komai ba, to jigoginka ba su da alaƙa da juna, jeri kawai ka yi. Idan kuwa ka ga magana ta karye, mai karatu na tambayar me ya sa tun farko manomin yake sayarwa, to tsarinka na farko yana ɗauke da hujja.

Akwai wani labari da tsarin shekaru kan binne, wanda tsarin jigo ke fito da shi fili, kuma ina son mu daɗe a kansa kaɗan. Turawa ba don gyaɗa suka ɗora fatansu a kan dogon ba. Auduga suke so, saboda masaƙun Lankasha da ke Ingila. An kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta British Cotton Growing Association a 1902 domin wannan buri. Amma masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, don haka manomi bai ga dalilin sayar musu ba. Da jirgi ya fara ɗaukar kaya a 1912, gyaɗa ce ta cika tasha. Tana yin kyau a jigawa, tana shiga tsakanin gero da dawa, kuma idan shekara ta ɓaci ana iya cin ta, abin da ba za a yi da auduga ba. A maƙalar da ke bin shekaru, 1902 na wani shafi, 1912 na wani, ba mai ganin alaƙarsu. A jigon sufuri kuwa suna zama cikin sakin layi ɗaya, sai ga hujja ta fito: mai mulki ya shimfiɗa hanya, amma manomi da ɗan kasuwa ne suka zaɓi abin da za a ɗora a kanta. Maƙalar da ta nuna haka ta fi wadda ta mayar da mutanen ƙasa 'yan kallo.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Na farko, lokaci kan ɓace. Ɗalibi zai rubuta cewa "a zamanin mulkin mallaka gwamnati ce ke yanka farashin gyaɗa", ya kawo misalin 1913 a gefen na 1950, kamar duk abu ɗaya ne. Shekara 57 ba rana ɗaya ba ce. Maganinsa shi ne a cikin kowane jigo ka bi lokaci: yadda abin ya fara, inda ya juya, inda ya tsaya. A jigon haraji, alal misali, wurin juyawa shi ne bayan 1929, lokacin da farashin gyaɗa ya faɗi ƙwarai amma haraji bai sauka daidai da shi ba, sai manomi ya buƙaci buhu fiye da na da kafin ya biya kuɗi ɗaya. Ka duba kowane sashe: idan babu shekara aƙalla biyu da kalmar da ke nuna wani abu ya canja tsakaninsu, hoto ka ɗauka, ba tarihi ka rubuta ba.

Na biyu, maimaici. Dogo ya shafi ciniki, ya shafi haraji, ya shafi ƙwadago. Kar ka ba da labarinsa sau uku. Ka ba shi gida ɗaya inda za a yi cikakken bayaninsa, a sauran wuraren ka ambace shi da rabin jimla ka wuce.

Sai kuma abin da za a bari. A misalinmu ba mu taɓo bauta ba, duk da cewa dokar 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar, kuma ba a haramta bautar gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Ba mu taɓo aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos a lokacin yaƙi ba. Waɗannan manyan batutuwa ne, kuma wanda ya zaɓi ƙwadago a matsayin jigonsa na uku bai yi laifi ba. Amma kalmomi 2000 ba za su ɗauki jigo biyar ba. Ka faɗa a gabatarwa, cikin jimla ɗaya, cewa ka ajiye su da gangan, ka kuma faɗi dalili.

Ba kuma kowace tambaya ce ke son jigo ba. Idan aka ce ka bayyana yadda manoman koko na Gold Coast, wato Ghana ta yau, suka ƙi sayar wa kamfanoni kokonsu a 1937 zuwa 1938, bin lokaci ya fi, domin abu ne na 'yan watanni, kowane mataki martani ne ga wanda ya gabace shi. Jigo na tambayar da ta ratsa shekaru da dama ne, inda sauye-sauye daban-daban ke tafiya a lokaci guda.

Kalmomi 400 da suka rage, ka raba su tsakanin gabatarwa da kammalawa. Gabatarwar ka rubuta ta daga ƙarshe, bayan ka ga inda hujjojin suka kai ka. A kammalawa kuma aiki ɗaya ne: ka auna jigogin, ka faɗi wanne ya fi nauyi kuma a wane lokaci. A misalin Kano, ni zan ce haraji da dogo ne suka fi tasiri kafin 1929, ikon yanka farashi kuma ya rinjaya daga nan zuwa 1960. Wani ɗalibin na iya ganin akasin haka, kuma in ya jera hujjarsa sashe bayan sashe, malami na da abin da zai auna.

Nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. A huta lafiya.