Da'ira Uku, Gurbi Takwas: Lacca Kan Ƙidayar Rukunan da Suka Shiga Juna

Jama'a, barkanmu da zuwa. Ku dubi allo, ga tambayar da za mu warware yau. An tambayi mutum 120 inda suke samun labarai. Mutum 70 suka ce rediyo, 57 suka ce talabijin, 37 suka ce jarida. Masu rediyo da talabijin 30 ne, masu rediyo da jarida 20, masu talabijin da jarida 15, sannan 8 suna amfani da duka ukun. To, mutum nawa ne ba ruwansu da ko ɗaya?

Wani zai yi saurin haɗa 70 da 57 da 37, ya samu 164. Mutum 120 aka tambaya, daga ina 164 ta fito? Ai an ƙirga wasu sau biyu ne, wasu har sau uku. Maganin wannan shi ne zanen da John Venn, masani ɗan Ingila, ya gabatar a 1880.

Ku zana murabba'i babba, shi ne dukan mutum 120. A cikinsa ku zana da'ira uku, kowace ta ratsa sauran biyun. Za ku ga gurbi bakwai a cikin da'irorin, na takwas kuma shi ne filin da ke waje. Kowane mutum gurbi ɗaya tak yake da shi.

Daga tsakiya ake farawa, domin ita ce adadin da ba ya bukatar gyara. Ku rubuta 8 inda da'ira ukun suka haɗu.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, domin a nan mafi yawan ɗalibaina suke tuntuɓe. An ce masu rediyo da talabijin 30 ne. Ba a ce “rediyo da talabijin kawai” ba. Mutum takwas ɗin nan na tsakiya suna sauraron rediyo, suna kallon talabijin, don haka suna cikin 30 ɗin. Sai mu cire su, saura 22, su ne masu rediyo da talabijin ban da jarida. Haka rediyo da jarida: 20 a cire 8, saura 12. Talabijin da jarida: 15 a cire 8, saura 7. Da a ce tambayar ta zo da kalmar “kawai”, da ba mu cire komai ba. Ku riƙa karanta wannan layin sau biyu kafin ku taɓa biro.

Saura gefe. A da'irar rediyo mun riga mun zaunar da 22 da 12 da 8, wato 42, a cire daga 70, masu rediyo kaɗai 28 ke nan. A talabijin akwai 22 da 7 da 8, wato 37, daga 57 saura 20. A jarida akwai 12 da 7 da 8, wato 27, daga 37 saura 10. Idan kuka haɗa gurabe bakwai ɗin za ku samu 107. A cire daga 120, mutum 13 ne a waje.

Na ga hannu a baya. Kina tambaya yaya za ki gane kin yi kuskure? Mu gwada. A ce kin zuba 20 da 15 da 8 a da'irar jarida ba ki rage komai ba. Jimlarsu 43, alhali masu jarida gaba ɗaya 37 ne, kin ga gurbin jarida kaɗai ya faɗa ƙasa da sifili da shida. Ba a ƙirga mutane ƙasa da sifili. Amma kada ki dogara da wannan alamar kaɗai, domin a rediyo kuskuren zai ba ki 12, adadin da ba zai tayar miki da hankali ba. Shi ya sa nake son ki sake bi ta wata hanya:

70 + 57 + 37 − 30 − 20 − 15 + 8 = 107

Me ya sa aka mayar da 8 a ƙarshe? Mutumin tsakiya ya shiga lissafi sau uku a haɗin farko, an kuma cire shi sau uku, ya ɓace ke nan, dole a dawo da shi sau ɗaya. Idan wannan hanya da zanenki ba su ba da amsa ɗaya ba, koma ki duba guraben. Idan kuwa kin bi matakan daidai amma wani gurbi ya tsaya ƙasa da sifili, to alƙaluman binciken ne suka saɓa wa juna.

Kafin ku tashi, ku amsa min daga zanen nan: masu amfani da kafa biyu daidai 41 ne, 22 da 12 da 7. Masu amfani da aƙalla biyu fa? Madalla, 49, an ƙara takwas na tsakiya.