Kwana Biyar na Horon Odita Ba Su Koyar da ISO 9001

Lacca ce a kan ISO 9001, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tsarin kula da inganci a kamfani, da aka gabatar a Tawa ga ma'aikatan kamfanoni da matasan da suka gama jami'a, aka rubuto ta daga muryar da aka ɗauka.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke nan gaba, ƴan'uwa, ƙannena, barkanku da zuwa.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, in na biya kuɗin horon babban odita, zan fito na san ISO 9001?" Amsata a'a ce, kuma masu shirya horon ba su ɓoye haka ba. Horon babban odita da hukumar CQI da IRCA ta Birtaniya, mai yi wa oditoci rajista, take amincewa da shi kwana biyar ne, awa 40. A bayanin horon an rubuta abin da ake so ka zo da shi daga gida: ka san zagayen nan na tsarawa, aikatawa, dubawa da gyarawa, ka san ginshiƙan inganci bakwai da ma'anar kalmomin da ke cikin ISO 9000, ka kuma san sharuɗɗan ISO 9001 kanta. Kwana biyar ɗin na koyon bincike ne bisa ISO 19011: yadda ake tsara ziyara, a buɗe taro, a yi wa ma'aikaci tambaya, a tara hujja, a rubuta rahoto. Galibi ba mai tsare ka a ƙofa ya gwada saninka, in ka biya ka shiga. Sai an raba aikin gwaji, an ce kowa ya nuna sashen da aka saɓa, sannan wanda bai karanta ba zai ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Bari in nuna muku zurfin sanin da ake nufi, da misali ɗaya.

Mu ƙaddara wani kamfani nan Tawa yana sayen albasar Galmi, yana zubawa a buhun kilo 25, kuma yarjejeniyarsa da mai saye a kan nauyi take. Ka shiga ɗakin awo, ka duba takardar da aka manna a jikin sikeli, ka ga rabon da a gwada shi wata tara ke nan. Me za ka rubuta?

Wanda ya haddace kanun sassa kawai zai ce: "ISO ta ce a gwada sikeli duk shekara, wata tara bai kai ba, babu laifi." To, ISO 9001 ba ta faɗi shekara ba, ba ta faɗi wata ba. Sashe na 7.1.5.2 ya ce a gwada kayan awo a lokutan da aka ƙayyade, ko kafin a yi aiki da su, kuma kamfani ne ke ƙayyade wa kansa lokacin. Saboda haka tambayarka ta farko ga shugaban ɗakin ita ce: "Alhaji, ku wata nawa kuka yanke?" In takardarsu ta ce wata shida, ka samu saɓani. Sai ka rubuta shi da ƙafa uku: ga sharaɗi, wato sashe na 7.1.5.2 da tsarin kamfani na wata shida. Ga hujja, sikeli mai lamba kaza, gwajin ƙarshe ranar kaza. Ga saɓanin, an wuce lokaci da wata uku ana ci gaba da awo. Ba ka rubuta sunan yaron da ke awo don a hukunta shi, tsari kake bincike.

Nan da yawa suke tsayawa, alhali sashen bai ƙare ba. A ce an kawo dutsen awo na kilo 20 wanda aka tabbatar, aka ɗora, sikeli ya nuna kilo 20 da giram 400. Ma'ana duk buhun da aka rubuta wa kilo 25 ya gaza da kusan rabin kilo. Ƙarshen sashen ya ce in an samu abin awo bai dace ba, dole kamfani ya duba ko awon da aka yi a baya ya lalace, ya ɗauki mataki. To buhunan da ke sito fa? Wannan ya kai ka sashe na 8.7, kula da kayan da ba su cika sharaɗi ba, wanda ya shafi har waɗanda aka riga aka aika. Me ya sa aka manta da gwajin, me zai hana a sake? Wannan sashe na 10.2 ne. Sikeli ɗaya ya ratsa sassa uku, kuma a gaban Alhaji ba ka da lokacin buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya kana nema. Irin wannan sanin ake ɗauka ka zo da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne oditan da ke neman abin da ba a shar'anta ba. Har yanzu akwai mai shiga kamfani ya ce a kawo masa littafin inganci, in babu ya rubuta laifi. Bugun ISO 9001 na 2008 ne ya wajabta wannan littafi, na 2015 ya cire wajabcin. Ƙaramin kamfani ya kashe kuɗi da kwanaki a kan abin da ba a ɗora masa ba, saboda mai bincike bai karanta ba. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

Sauran takardun kuwa, kowace da abin da take zato. Horon oditan cikin gida na IRCA kwana biyu ne, shi ma yana ɗauka ka san sharuɗɗan, ga lokaci kaɗan. PECB, wata cibiyar horo da ba da takarda ta Kanada, wadda ake samun horonta da Faransanci, takan fara da bitar ƙa'idar, amma bita ce, ga wanda ya taɓa karantawa. Takardar CQA, wato ta oditan inganci, ta ƙungiyar ASQ ta Amurka hanyarta daban: ba a gina ta a kan ISO 9001 kaɗai ba, tana gwada sana'ar bincike da dabarun inganci, irin ɗaukar samfuri da gano tushen matsala, kuma tana neman shekara takwas na aiki, sai dai digiri yana rage wasu. Mai CQA zai iya ƙwarewa a bincike amma ya buƙaci zama ya karanta ISO 9001 kafin ya shiga ɗakin awon nan namu.

Ku kuma lura, ƙannena: takardar cin jarrabawar horo daban, rajistar odita daban. Rajistar babban odita sai ka nuna shekarun aiki da jerin binciken da ka yi a zahiri. Wanda ya gama kwana biyar jiya bai zama babban odita ba, ko me aka buga a saman takardarsa.

Wata baiwar Allah daga baya ta tambaya: "Malam, to ta ina za mu fara?"

Hajiya, ki sami cikakkiyar ƙa'idar, ba taƙaitawa ba. Ki tuntuɓi ANMC, hukumar ƙa'idojin inganci da awo ta Nijar, a Yamai, ko ki saya daga ISO, ki tabbatar bugun da horon zai bi ne. Ki karanta sashe na 4 zuwa na 10, nan sharuɗɗan suke. Duk jimlar da ta ce dole, ki ja mata layi, ki rubuta a gefe wace hujja za ki nema a wurin aikinki, takarda ce, ko abin da za ki gani da ido, ko amsar ma'aikaci. Daga nan ki roƙi a sa ki rakiyar binciken cikin gida ko sau biyu. Ranar da aka ba ki labari irin na sikelin nan kika kawo sassan uku ba ki duba ba, ki je ki biya kuɗin kwana biyar.